Yadda ake amfani da haidurokwinon ba tare da fuska ta lalace ba

Haidurokwinon magani ne, kuma duk cikin magungunan shafawa na tabon fuska har yanzu da wuya ki samu wanda ya fi shi aiki, shi ya sa likitocin fata ba su daina rubuta shi ba duk da surutun da ake yi a kansa. Matsalar tamu ita ce mun maida shi man shafawa na kullum kamar basilin, a zuba cikin loshan a mulke jiki da shi tun daga goshi har dunduniya, shekara biyu shekara biyar, sai ranar da kumatu suka fara yin baƙi-baƙi kamar an ƙona sannan a fara neman taimako. Toh abin da nake so ki riƙe tun daga nan shi ne, shi wannan maganin ana sa masa ranar farawa da ranar dainawa, kuma ranar dainawar ana yanke ta ne tun kafin a buɗe tub ɗin. Da mata nake magana saboda su suka fi yawa a harkar, amma maza masu fama da tabon aski ko tabon fimful duk abin da zan faɗa ya shafe ku.

Bari in fara da yadda yake aiki, don in kin gane wannan sauran duk zai zo da sauƙi. A can ƙasan fata akwai wasu ƙwayoyin halitta da aikinsu shi ne samar da melanin, wato sinadarin da ke ba fata launinta yana kuma kare ta daga rana. Akwai wani sinadari da ake kira tairosines da ƙwayoyin nan ke amfani da shi wajen haɗa melanin ɗin, shi haidurokwinon wannan sinadarin yake dannewa. Kin ga ba ya wanke rinin da aka riga aka yi, marinin kawai yake rage wa aiki. Baƙin da ke fatar yanzu sai ya bi fata ya hau sama ya zube da kansa, ita kuma fata tana ɗaukar wajen sati huɗu ko fiye kafin ta sabunta. Don haka ainihin haidurokwinon ba ya nuna aiki a kwana uku ko biyar, sai an yi sati huɗu zuwa shida a fara ganin canji, a ga cikakken aikinsa wajen sati takwas zuwa sha biyu. Duk man da aka ce miki zai haska ki cikin sati ɗaya, ki sa a ranki akwai wani abu daban a ciki, yawanci siteroid mai ƙarfi ne, wato maganin danne kumburi, wani lokacin ma makuri, wato zaiba mai guba.

Mataki na farko: ki tabbatar tabon naki irin wanda maganin ke yi wa aiki ne

Abu biyu aka fi ba da shi dominsu. Na ɗaya melazma, baƙin nan mai faɗi launin ƙasa-ƙasa da ke fitowa a kumatu biyu kusan iri ɗaya, da goshi da saman leɓe, wanda ya fi kama mata lokacin ciki ko lokacin shan ƙwayar tazarar haihuwa, rana da zafi kuma su ƙara masa ƙarfi. Na biyu shi ne tabon da ƙurji ko ciwo ya bari bayan ya warke, kamar tabon fimful, tabon ƙuna ƙarama, tabon cizon sauro da aka sosa.

Akwai baƙin da ko kin ƙarar da tub goma ba zai motsa ba. Baƙin wuya da hammata mai kauri da laushi kamar karan-miski, wannan sau da yawa alamar ƙiba ce da jikin da ya fara gardama da insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, gwajin suga yake buƙata. Ƙyasfi da makero maganin fangas suke so. Tawadar Allah da ta fara girma ko canza launi ko zubar da jini likita ake kai wa a duba, ba a shafa mata komai. Sannan in fimful ɗin har yanzu yana fitowa, ki fara maganinsa tukunna, in ba haka ba kina goge tsohon tabo sabo yana fitowa a gefensa. Wannan ne dalilin da ya sa na fi son a fara da ganin likitan fata ko da sau ɗaya ne, akwai su a manyan asibitocin koyarwa irin na Malam Aminu Kano da na Shika a Zariya, kuɗin katin bai kai abin da ake kashewa a haɗe-haɗen da ake saya ba.

Mai ciki ta bar shi gaba ɗaya, saboda kusan kashi 35 zuwa 45 cikin ɗari na abin da aka shafa yana ratsa fata ya shiga jini, wannan adadi ne mai yawa in aka kwatanta da sauran mayukan shafawa. Mai shayarwa ma ta jira yaye ko ta tambayi likita. Yara kuma dan Allah kar a kusanta musu da shi, ina jin ciwon abin nan sosai in na ga an shafa wa ƙaramar yarinya man bilicin wai don ta taso da haske.

Mataki na biyu: ƙarfin maganin

Ƙarfi biyu aka fi sani, 2% da 4%. Na 2% ya fi sauƙi a fata, yana iya isa ga tabon fimful marar zurfi, amma a hankali yake tafiya. Na 4% shi ne wanda likitoci suka fi rubutawa ga melazma. Akwai lokacin da likitan fata zai sa a haɗa wanda ya fi haka, 6% ko 8% har 10%, amma na ɗan gajeren lokaci ne kuma yana duba mutum a kai a kai, wannan ba abin da za ki saya wa kanki ba ne. Yadda ƙarfin ke hawa haka haɗarin ƙuna da lalacewar fata ke hawa, kuma a fatarmu ta baƙaƙe ƙuna da kanta tabo take bari, sai ki ga an je neman gyara an dawo da ɓarna.

Ƙasashe da yawa sun matsa a kansa. Tarayyar Turai ta hana sa shi a kayan kwalliya tun 2001, Gana ta hana a 2016, Amurka ta cire shi daga abin da ake saya kai tsaye a 2020, sai da takardar likita. A Najeriya NAFDAC ba ta yarda man kwalliya ya wuce 2% ba. Ma'ana in kin ga loshan na jiki ko sabulu da ake tallarsa da cewa yana da 5% ko 10%, tun daga nan ya karya doka.

Ki saya a kemis mai rajista, a tub ɗinsa na kamfani, da kwali da takarda a ciki da ranar ƙarewar aiki. A jiki za ki ga an rubuta Hydroquinone da adadinsa. Ki karanta sauran sunayen da ke wurin a hankali, in kin ga Clobetasol ko Betamethasone ko Mometasone, toh akwai siteroid mai ƙarfi a ciki, ki ajiye sai in likita ne ya ce. In kin ga Monobenzone ki gudu, sunan ɗan'uwansa ne amma shi yana kashe ƙwayoyin launi ne har abada, ya bar fari dabbare-dabbare da ba ya komawa. Haɗin cikin roba marar suna da ake kira oganik kuwa, wallahi ita kanta mai haɗawar sau da yawa ba ta san kashi nawa ta zuba ba, da cokali take aunawa, wannan robar ta fi waccan ƙarfi.

Akwai haɗin guda uku da likitoci ke bayarwa, haidurokwinon 4% da tiretinoyin 0.05% da siteroid marar ƙarfi sosai mai suna fuluwosinolon 0.01%. Yana aiki fiye da haidurokwinon shi kaɗai a kan melazma, amma sati takwas aka tsara masa ana shafawa kullum da dare, saboda siteroid ɗin da ke ciki. Kar ki ɗauka duk tub mai sinadari uku a kasuwa shi ne wannan, da yawansu siteroid ɗinsu ya fi ƙarfin fuska nesa ba kusa ba.

Mataki na uku: shiri kafin daren farko

Ki sayi sanskirin, wato man kariya daga rana, kafin ki sayi maganin. In kuɗinki na abu ɗaya ne, sanskirin za ki saya ki bar haidurokwinon sai wani watan, saboda shafa shi babu kariya daga rana asarar kuɗi ce kuma hanyar okoronosis ce, wani baƙi da maganin kansa ke jawowa, zan zo kansa. Ki nemi mai SPF 50, lambar da ke nuna ƙarfin kariyarsa kenan, in babu kar ya gaza 30, kuma wanda yake da ɗan launi kamar hoda ya fi wa mai melazma, don sinadarin ƙarfen da ke ba shi launin yana tare hasken da ido ke gani, shi ma wannan hasken yana ƙara baƙi a fata irin tamu. Adadin fuska da wuya shi ne ki matsa layi biyu a tsawon yatsu biyu, manuniya da ta tsakiya. Kowace safiya, ko da hadari ko da hazo, in kina waje ki sake bayan kamar awa biyu ko in kin yi gumi sosai, bayan alwala ma ki sake domin ruwa ya ɗauke wani. Hijabi yana rufe wuya da gefen fuska amma kumatu da hanci da goshi a buɗe suke, lema ko niƙabi ko malafa suna taimakawa ƙwarai.

Sai gwaji. Ki shafa ɗan kaɗan a cikin damtsenki inda fata take da laushi, ki bar shi awa ashirin da huɗu. Ɗan ja kaɗan ba komai, amma ƙaiƙayi mai tsanani ko kumburi ko ƙuraje masu ruwa na nufin jikinki bai karɓe shi ba, shikenan ki haƙura. Masu asma su duba ko akwai Sodium metabisulfite a jerin sinadaran, ana sa shi don kar man ya lalace kuma yana tayar wa wasu.

Ki ɗauki hoton fuskarki kusa da taga da safe, gaba da gefe biyu, ba fawuda ba filta. Duk bayan sati huɗu ki sake a wuri ɗaya lokaci ɗaya. Ido yana yaudara in kullum kina kallon madubi, hoton ne zai gaya miki gaskiya. Sannan ki ɗauki biro ki rubuta ranar dainawa a jikin kwalin.

Mataki na huɗu: shafawar kanta

Da dare bayan isha'i, lokacin da kin san ba za ki ƙara wanke fuska ba. Ki wanke da sabulu marar zafi, ba soso ba dilka ba sabulun salo mai ƙarfi, ki tsane ki jira fatar ta bushe sosai kamar minti goma, jiƙaƙƙiyar fata ta fi jin zafinsa. Ki matsa kwatankwacin ƙwayar wake ɗaya, wannan ya ishi kumatu biyu. Ki ɗiɗɗiga a kan tabon kawai, siriri yadda ba za a ga fari a sama ba, kar ki tsallaka zuwa lafiyayyar fata domin ita ma za ta yi haske, sai a samu farin zobe kewaye da tabon wanda ya fi tabon fitowa a ido. Ƙananan tabo irin na fimful ki yi amfani da audugar goge kunne. Ki nisanci ido da leɓe da cikin hanci da duk inda fata ta tsage. Ki wanke hannu da sabulu nan take saboda yana rina farce ya koma ruwan ƙasa. Bayan minti kaɗan ki bi da man laushin fata marar turare.

Sati biyu na farko dare ɗaya a shafa dare ɗaya a huta, in fata ta karɓa sai a koma kullum. Kar ki haɗa shi lokaci ɗaya da maganin fimful mai Benzoyl peroxide, suna haɗuwa su rina fatar baƙi na ɗan lokaci, yana wankuwa amma yana tayar da hankali. Lemon tsami, kurkur da gyaran jikin amare mai gurza duk a ajiye a wannan lokacin. In fata ta yi ja tana zafi tana saɓa, ki tsaya kwana uku zuwa biyar kina shafa man laushi da sanskirin kawai, in ta lafa ki dawo dare ɗaya bayan ɗaya. Masu sayarwa suna cewa wai zafin nan alamar yana aiki ne, ba haka ba ne, alamar ƙuna ce.

Tub ɗin a rufe shi da kyau a ajiye inda ba rana ba zafi. Man fari ne ko ruwan madara, in ya koma ruwan ƙasa iska ta lalata shi, ki yar.

Bari mu ɗauki misali don lissafin ya fito. A ce mace ce mai shekara talatin da biyu, melazma ta fito mata a ciki na uku, ta yaye yaron, likita ya duba ya ba ta 4% tub mai giram 30. Ta fara ranar 1 ga Nuwamba. Daga nan zuwa 14 ga wata dare ɗaya bayan ɗaya, shafa bakwai kenan. Daga 15 ga Nuwamba zuwa ƙarshen Janairu kullum, dare 78. Tunda hunturu ne fata tana bushewa, sai ta fi ba man laushi muhimmanci, in a Disamba gefen hancinta ya fara saɓa ta huta kwana huɗu ba abin da ya ɓaci. A hoton sati huɗu da ƙyar za ta ga bambanci, a na sati takwas gefen tabon ya fara dishewa, a na sati sha biyu ya ragu sosai amma bai ɓace ɗungurungum ba, kuma wannan shi ne sakamako mai kyau a melazma, ba a bin sa har sai ya ɓace. Fabrairu watan janyewa ne, sati biyun farko sau uku a sati, sati biyun ƙarshe sau biyu a sati, shafa goma. Jimilla wajen shafa 95, kowace ƙwayar wake kusan rubu'in giram, kusan giram 24 kenan. Kin ga tub ɗaya ya kai ta wata huɗu har da saura. In naki tub ɗin yana ƙarewa a sati uku, toh kina zubawa da yawa ko kina shafa inda bai kamata ba.

Mataki na biyar: tsawon lokaci da hutu

Yawancin likitocin fata suna tsayar da shi a wata uku zuwa huɗu, wasu su kai biyar ko shida in suna duba mutum, sannan hutu na wata biyu zuwa uku aƙalla. In an yi wata uku ana shafawa daidai da sanskirin kuma hoto bai nuna wani canji ba, a daina, ƙara lokaci ko ƙara ƙarfi ba zai gyara ba, wataƙila baƙin ya yi zurfi ne can ƙasan fata inda man shafawa ba ya kai wa, ko ma tun farko ba melazma ba ce.

Me ya sa dole a huta alhali yana aiki? Na farko, bayan wasu watanni tabon yana kai inda zai tsaya, daga nan lafiyayyar fatar gefe ce ke ci gaba da haske, fuska ta zama kala biyu. Na biyu, fatar da aka rage wa melanin wata da watanni ta rasa wani ɓangare na garkuwarta daga rana, ga kuma ɗan kumburin da maganin ke sa wa a hankali, shi kuma kumburi yana zuga ƙwayoyin launi ne. Na uku shi ne babba, okoronosis. Wani likitan fata mai suna Findlay ne da abokan aikinsa suka fara bayaninsa a 1975 a Afirka ta Kudu, a jikin baƙaƙen mata da suka daɗe suna shafa mayukan haidurokwinon masu ƙarfi. Wani launi ne ke taruwa a can cikin fata yana manne wa zaruruwan da ke riƙe ta, a waje sai a ga baƙi mai shuɗi-shuɗi ko toka-toka a ƙashin kumatu da gefen ido da goshi da wuya, daidai inda rana ta fi duka, daga baya ƙananan ɗigo-ɗigo baƙaƙe masu ɗan tudu su fito fatar ta yi kaushi. Ya fi zuwa da ƙarfi mai yawa da shekaru ana shafawa, amma an gan shi ko da 2% a wurin waɗanda suka daɗe ba hutu. Abin baƙin cikin shi ne yana da wuyar magani ƙwarai, ko leza ba kullum take cin nasara ba, kuma mai shi takan ɗauka tabon ne ya dawo sai ta ƙara yawan man, wanda shi ne ainihin abin da ke ƙara shi.

Hutu ba yana nufin zama haka kawai ba. A misalinmu hutun ya faɗo Maris da Afrilu da Mayu, tsakiyar bazara, lokacin da melazma ta fi tashi, don haka sanskirin ya ma fi muhimmanci a nan fiye da lokacin da take shafa maganin. Tun a Fabrairu, a daren da ba ta shafa haidurokwinon ba, za ta fara shigo da azelayik asid 15% ko 20%, in Maris ya zo sai ya zama shi ne na kullum. Shi ana iya daɗewa a kansa, har masu ciki likitoci na ba su. Niyasinamaid 4% ko 5% da bitamin si da safe suma suna taimakawa, tiretinoyin ko adafalin da dare in ba ciki kuma ba a neman ciki. Ki zaɓi ɗaya ko biyu, kar ki jibga duka. Abutin kuwa, wani sinadarin rage tabo da ake sa wa a mayuka, ki bar shi a lokacin hutu, don dangin haidurokwinon ne na kusa, yana iya rikiɗa ya koma shi. Ƙwayar tiraneksamik asid da ake sha tana aiki a melazma amma tana da haɗarin daskarewar jini ga wasu, likita ne kawai zai tantance. Zafin murhu da na tuya shi ma yana tayar da melazma, mai sana'ar abinci ta riƙa ja da baya daga wuta tana sanyaya fuska da ruwa. In kina kan ƙwayar tazarar haihuwa ki gaya wa likita ko akwai wata hanyar da ta fi dacewa da ke, kar ki daina da kanki.

Matar misalinmu, in a watan Yuni tabon ya dawo har yana damunta, za ta iya sake wani zagaye, da sabon tub da sabuwar ranar dainawa. In azelayik asid da sanskirin sun riƙe shi, babu dalilin komawa.

Baƙin da ke dawowa: ki gane wanne ne kafin ki taɓa komai

Nan ne mutane suka fi ruɗewa, kowane baƙi sai a ce ribawun, wato dawowar tabo bayan daina magani, alhali iri-iri ne kuma maganinsu ya sha bamban.

Akwai dawowar melazma ita kanta. Launin ƙasa ne, a daidai wurin da yake da, yana dawowa a hankali cikin makonni ko watanni, ya fi sauri in an daina farat ɗaya ko an yi sakaci da rana. Dalili shi ne ƙwayoyin launin suna nan da ransu, an danne su ne kawai, abin da ke zuga su kuma, rana da zafi da homon, wato sinadaran da jiki ke samarwa irin na lokacin ciki, bai tafi ko'ina ba. Melazma ciwo ne da ake lallaɓawa shekara da shekaru, dawowarta ba ta nufin maganin ya cuce ki. Janyewa a hankali da maganin riƙo su ne ke rage wannan.

Akwai baƙin ƙuna, wanda ke zuwa kina tsaka da shafawa, bayan kwanakin ja da zafi da saɓa. Wannan a tsaya ne a lallashi fata, yakan dishe da kansa cikin watanni in an kare shi daga rana.

Akwai na janye siteroid, shi ne mafi tashin hankali a ido. Kwana biyu zuwa sati bayan daina haɗin, fuska ta yi ja ta kumbura tana zafi kamar an watsa barkono, ƙuraje su feso, daga baya ta yi duhu fiye da asalinta. Da yawa a nan suke komawa robar suna cewa fatarsu ta saba ba za ta iya rabuwa da shi ba. Alamomin da ke nuna siteroid ne tun kafin a daina su ne fata ta yi siriri ana ganin jijiyoyi, nankarwa mai faɗi a damtse da cinya ba tare da ciki ba, gashi a fuska, makero da ba ya jin magani.

Sai okoronosis, wanda bambancinsa shi ne yana ƙaruwa alhali kina shafawa kullum, launinsa ya karkata zuwa shuɗi ko toka, ga ɗigo-ɗigon nan. Duk ranar da kika lura kin yi wata da watanni kina shafawa wurin yana ƙara duhu, ki daina a ranar, ba janyewa a hankali a nan, ki je likitan fata ya duba da madubinsa na musamman, wani lokacin sai an ɗebi ɗan fata an kai gwaji kafin a tabbatar.

Wadda kuma ta shafe jiki gaba ɗaya ta daina ta ga tana komawa launin da aka haife ta da shi, wannan ba ciwo ba ne, fata ce ke dawowa daidai, sai dai ba ta dawowa lokaci ɗaya, gaɓoɓin yatsu da gwiwa da gwiwar hannu su kan riga sauran, a yi watanni ana kala biyu kafin ta daidaita.

In kin riga kin yi shekaru kina shafa haɗi a duk jiki, hanyarki daban ce da ta mai tub ɗaya. Ki ɗauki duk robobin da tub-tub ɗin da kike amfani da su ki kai wa likita ya gani da idonsa, kar ki ji kunya, sun saba gani. Haidurokwinon ana iya daina shi nan take, amma siteroid mai ƙarfi da aka daɗe ana shafawa a fili mai faɗi yana shiga jini har ya sa jiki ya rage samar da nasa homon ɗin, yanke shi rana ɗaya na iya kawo kasala mai tsanani da jiri da faɗuwar hawan jini, don haka likita ne zai tsara yadda za a sauko da shi mataki-mataki, sau da yawa ta hanyar komawa wanda bai kai shi ƙarfi ba a rage kwanaki. Ki nemi a auna miki hawan jini da suga, in ana zargin makuri a haɗin a duba ƙoda. In kuma akwai tiyata a gabanki, ko da ta haihuwa ce, ki gaya wa likitan tun kafin ranar irin man da kike shafawa da tsawon lokacin da kika yi, saboda fatar da siteroid ya sirantar ba ta riƙe ɗinki da kyau kuma tana jinkirin warkewa.